Daga Maraɗi zuwa Kano: inda akawu ke tuntuɓe a rahoton kuɗi

Akawun da ya ƙware a Maraɗi ya saba da SYSCOHADA, tsarin lissafin kuɗin kamfanoni da ake bi a Nijar, wanda aka sabunta ya fara aiki a Janairun 2018, kuma da Faransanci yake rubuta littafinsa. In ya samu aiki a Kano, rahoton da za a nema a hannunsa na Ingilishi ne, bisa ƙa'idojin ƙasa da ƙasa na IFRS. Lissafi kam ya iya shi. Sunayen da ke kan layukan rahoton su ne tarkon, kuma sau da yawa mai koya masa aikin ne ke jefa shi ciki, don ya ɗauka kalmomin da suka yi kama ma'anarsu ɗaya.

Babban kuskuren shi ne a ce masa dépréciation ita ce depreciation. Ba ita ba ce. Raba kuɗin kadara a kan shekarun da za ta yi aiki, Bafaranshe amortissement yake kiransa, ko mota ce ko manhaja, yana tara shi a asusu mai lamba 28. Ingilishi ya raba abin biyu: depreciation ga kadarar da ake iya taɓawa, amortisation ga wadda ba a taɓawa, irin lasisi. Ita kuwa dépréciation ta asusu mai lamba 29, faɗuwar daraja ce da ba ta cikin tsari, kuma a rahoton Ingilishi sunanta impairment.

A ɗauki babbar mota da kamfani ya saya a Janairun 2024 kan naira miliyan 30. An ƙiyasta za ta yi shekara 6, a sayar da ita miliyan 6. Miliyan 24 ke nan za a raba, wato miliyan 4 kowace shekara. A ƙarshen 2025 an cire miliyan 8, saura 22 a littafi. Sai ta yi hatsari, aka duba aka ga abin da za a iya samu daga gare ta, ta sayarwa ko ta ci gaba da aiki, bai wuce miliyan 17 ba. Bambancin miliyan 5 ɗin nan shi ne akawun ya sani da dépréciation. In ya zuba shi a layin depreciation, jadawalin kadarori zai nuna miliyan 9 a shekarar, alhali 4 ce ta tsari, 5 ta hatsari. Jimillar riba ba ta canza ba, shi ya sa kuskuren ke daɗewa ba a gani ba, amma mai karatu zai zaci haka motar za ta riƙa ci duk shekara.

Gano shi ba wuya. A cire abin da aka ƙiyasta za a sayar da kadarar daga kuɗinta, a raba sauran da shekarunta, a gwada da abin da ke kan layin; in sun saɓa, a buɗe asusun a ga me ya shiga. Bayan gyara kuma a tuna cewa rabon gaba ya canza: miliyan 17 a cire 6, a raba 11 ga shekara 4 da suka rage, miliyan 2.75 ke nan. Da yawa sukan bar tsohuwar miliyan 4 tana tafiya.

Kuskuren da ke bin wannan ƙarami ne. Tunda kalma ɗaya ya sani, yakan rubuta amortisation a kan mota da janareto. A nuna masa lasisin manhaja na miliyan 3 na shekara 3, miliyan 1 duk shekara, a ce irin wannan kaɗai ke shiga can.

Sai accrual, wato rubuta kashewar da aka riga aka yi amma ba a biya ba tukuna. Masu koyarwa sukan fara da dogon bayani, kamar baƙon abu ne a gare shi, alhali ya daɗe yana yin sa a asusu 408, na masu kawo kaya da takardar kuɗinsu ba ta iso ba. Ni dai na fi son a fara da lambar da ya sani. Wutar lantarkin Disamba ta naira 450,000, takardarta sai Janairu: an sha wutar a Disamba, don haka kashewar ta Disamba ce, a rubuta ta tare da bashin da ke kan kamfani. Inda ake zamewa shi ne Janairu. In ba a soke wancan rubutun ba, takardar ta zo aka sake shigar da ita, an kashe 900,000 a littafi kan wutar wata guda. Alamarsa ita ce ragowar kuɗi da ke kwance a asusun accruals wata da watanni ba ta motsi.

Kada kuma a haɗa shi da kishiyarsa. Hayar shago ta shekara da aka biya a Oktoba, wata tara daga cikinta na shekara mai zuwa ne. Shi ya san ta a asusu 476, a rahoton Kano kuwa prepayments za ta shiga, a ɓangaren kadarori. Kafin ya taɓa rahoton farko, a zauna da shi a jera lambobin asusunsa na da, kowacce da layin da za ta faɗa a sabon rahoton, a gwada jerin da littafin shekarar da ta wuce.