Tambarin da ya yi kyau a waya, ya lalace a allon shago

Yawancin allunan da ake gani tambarinsu ya yi dishi-dishi, gefen haruffansu kamar haƙoran zarto, ba laifin na'urar bugawa ba ne. Matsalar daga fayil take.

Hoton kwamfuta iri biyu ne. Rasta, wato JPG da PNG da duk abin da kyamara ke ɗauka, tarin ƙananan ɗigo ne masu launi da ake kira fiksel, kuma yawansu ƙayyadadde ne tun ranar da aka adana fayil ɗin. Shi kuwa bekta, irin su SVG da AI da CDR, ba ɗigo yake ajiyewa ba, umarni yake ajiyewa: ja layi daga nan zuwa can, lanƙwasa shi haka, cika cikinsa da ja. Duk girman da aka nema, sai kwamfuta ta sake zana shi sabo.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne miƙa wa mai bugawa tambari a JPG. Mu ɗauka faɗin tambarin fiksel 800 ne, ana kuma son ya cika allo mai faɗin mita 2. Mita 2 milimita 2,000 ke nan. Raba wannan gida 800, za ka ga kowane ɗigo ya kumbura ya kai milimita biyu da rabi, abin da ido ke gani ƙarara. Wasu sukan buɗe fayil ɗin su ƙara masa fiksel, to amma manhaja cike gurbi kawai take yi da hasashe, sai zarton ya koma hazo. Gyara na gaskiya shi ne a nemi ainihin fayil ɗin bekta wurin wanda ya zana tambarin. In ya ɓata, a sake zana shi a manhajar zanen bekta, irin su Inkscape ko Illustrator ko CorelDRAW. Daga wannan tushe ɗaya ake fitar da PNG na kowane girma. A guji JPG a nan, domin ba ya barin bayan tambari wayam, shi ya sa farin akwati ke bayyana kewaye da shi.

Akwai wani kuskuren da ya fi wannan ɓoyuwa, kuma shi ya fi damuna, domin mai shi yana ganin ya yi daidai. Sai a ɗauki wancan JPG ɗin a jefa cikin PDF ko SVG, a ce ai ya zama bekta. Bai zama ba, riga kawai aka sauya masa. Gane shi ba wuya: ƙara girman fayil ɗin a fuskar kwamfuta sosai, ka dubi gefen harafi ɗaya. In ya tsaya sumul, bekta ne. In murabba'ai sun fito, rasta ne. A Illustrator, danna Ctrl+Y zai nuna layukan zanen zalla, hoton da aka cusa kuwa yawanci fili mai kusurwa huɗu zai rage. Wannan ya fi muhimmanci idan yanka haruffan za a yi daga leda mai manne, saboda wuƙar na'urar layi take bi, ba ta san ɗigo ba.

Haɗakar hotuna kuwa rasta ce, kuma haka ya kamata ta zauna. Wanda ya ji an yabi bekta yakan bi da hoton fuska ta Image Trace ko Trace Bitmap, wato umarnin da ke mayar da rasta bekta, sai fata ta rabu faci-faci, fayil ya yi nauyi. Abin lura a nan yawan ɗigo ne. Abin da za a riƙe a hannu yana son fiksel 300 a kowane inci, don haka takardar A4 za ta zama 2480 sau 3508, hoton da zai ci santimita 10 a cikinta kuma yana buƙatar faɗin kusan 1,200. A karɓi hotunan asali, ba waɗanda manhajar hira ta matse ba.

Allon shago yakan haɗa duka biyun. Suna da tambari da lambar waya su kasance bekta, hoton kaya ya kasance rasta. Ba sai an kai 300 ba, tunda daga nesa ake kallon allo. Hoton waya mai faɗin fiksel 4,000 a kan mita 2 yana ba da kusan 50 a kowane inci, kuma ya wadatar ga mai kallo daga tsallaken titi.

Kafin a tura aikin, a mayar da rubutu zane: Create Outlines a Illustrator, Convert to Curves a CorelDRAW, Object to Path a Inkscape. In ba haka ba, kwamfutar da ba ta da salon haruffanka za ta sa nata, layuka su goce. Sai dai bayan haka rubutun ba ya gyaruwa, don haka a duba lambar waya tukuna, a kuma ajiye kwafi ɗaya da ba a taɓa ba.