Darasi na Bakwai: Takardar da ke Raka Daftarin Kasafin Kuɗi

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin ƙungiya ya san yadda ake yi idan ma'aji ya raba takardun kasafi. Kowa sai ya riƙe nasa yana jujjuyawa, shafi huɗu ko biyar cike da lambobi. Can sai wani dattijo ya ce, "To ma'aji, a taƙaice me kake so mu yi?" Amsar wannan tambaya ita ake rubutawa a shafi guda a ɗora a kan kasafin, kuma ita muke kira takardar rakiya. Jami'in kuɗi ne ke rubuta ta, wanda a ƙananan ƙungiyoyi shi ne ma'aji.

A lura da kalmar daftari. Kasafin da ma'aji ya kawo shawara ce kawai, bai zama abin aiki ba sai kwamitin gudanarwa ya duba, ya gyara, ya amince. A ƙungiyoyin gama-kai da yawa ma sai an kai shi babban taron mambobi. Saboda haka ma'aji ba ya rubuta "za mu kashe", yana rubuta "ina ba da shawarar a kashe".

Mu ɗauki misalin wata ƙungiya mai injin casar shinkafa, irin waɗanda ake gani a yankin Kura ta Jihar Kano. Lambobin na koyo ne. Shekarar kuɗinta daga Janairu zuwa Disamba take, don haka ma'aji ya rubuta takardarsa a watan Nuwamba:

Zuwa ga: Shugaba da 'yan Kwamitin Gudanarwa
Daga: Ma'aji
Kwanan wata: 10 ga Nuwamba
Batu: Daftarin kasafin kuɗin baɗi

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ga daftarin kasafin baɗi a haɗe, shafi huɗu. Ina sa ran kuɗin shiga zai kai N4,200,000, abin kashewa kuma N4,500,000. Akwai giɓin N300,000. Ina roƙon kwamiti ya yanke yadda za a cike shi a zaman 24 ga wata.

Kuɗin shiga: casar buhu 2,400 a kan N1,500 kowanne, N3,600,000. Kuɗin wata-wata na mambobi, N600,000. Mambobinmu 120 ne, amma na yi lissafi da 100, domin su ne suka biya cikakke a bana.

Abin kashewa: man dizal N1,800,000, ladan ma'aikata biyu N1,200,000, gyaran inji N600,000, biyan bashin inji N600,000, hayar rumfa N300,000.

Na lissafa dizal lita 1,200 a kan N1,500. Duk ƙarin N100 a lita zai ƙara mana N120,000 a shekara.

Hanyoyi biyu nake gani. Ta farko, a ƙara kuɗin casa zuwa N1,650, wanda zai kawo ƙarin N360,000, a samu rarar N60,000. Ta biyu, a ɗebi N300,000 daga ajiyarmu ta N450,000. Shawarata ita ce ta farko, domin N150,000 da zai saura ba zai isa ba idan inji ya yi babbar lalacewa. Na gode.

Sa hannu: Ma'aji

Yanzu mu koma mu duba abin da ma'ajin nan ya yi. Tun a sakin layi na farko ya faɗi lambobi uku: abin da zai shigo, abin da zai fita, da bambancinsu. Idan abin fita ya fi yawa, giɓi ke nan. Idan abin shiga ya fi yawa, rara ke nan. Wasu ma'aji sukan tura labarin giɓi can ƙarshe don jin nauyin shugaba. Wannan ba ya taimakon kowa, domin 'yan kwamiti za su gano shi a tsakiyar zama, kuma daga ranar sun fara zargin akwai sauran abin da aka ɓoye musu.

Wurin da ya fi cancantar a tsaya shi ne batun mambobi 100. Da ma'aji ya yi lissafi da duk 120, kowa N500 a wata, da ya rubuta N720,000. Giɓin sai ya sauko zuwa N180,000 a takarda, fuskokin kwamiti su saki. Amma mutum 20 ɗin nan da ba su biya bana ba, babu alamar za su biya baɗi, kuma mai gidan mai ba ya karɓar alkawarin mamba a madadin kuɗi. Kasafi ana gina shi ne a kan abin da littafin rasit ya nuna. Abin da ma'aji ya yi daidai shi ne ya bayyana zaton da ya yi, ya faɗi dalilinsa. Yanzu ɗan kwamitin da ke ganin za a iya karɓo kuɗin daga sauran yana da damar cewa, "Ma'aji, ni zan bi su gida-gida, a ƙara goma." Da ba a rubuta zaton ba, ba wanda zai san akwai abin gardama a wurin.

Haka batun dizal. Ma'aji bai san farashin baɗi ba, shi ya sa ya nuna abin da ƙarin N100 zai jawo. Idan tun a watan Janairu lita ta kai N1,700, kowa a kwamitin zai iya lissafa cewa kuɗin man shekara ya ƙaru da kusan N240,000 in farashin ya tsaya haka, ba sai an jira ƙarshen shekara ba.

Takardar nan tana da rauni guda, kuma da gangan muka bar shi. Ma'aji ya ɗauka ko an ƙara kuɗin casa, buhu 2,400 ɗin za su zo. In akwai wani inji a unguwar da ya tsaya a N1,500, wasu masu shinkafa za su koma can. A ce buhu 2,200 aka samu. A kan N1,650 kuɗin casa zai zama N3,630,000, wato ƙarin N30,000 kacal a kan lissafin farko. Za a rage ɗan mai, lita 100 wato N150,000, amma duk da haka giɓin N120,000 yana nan. Ma'ajin da ya ƙware zai ƙara layi ɗaya ya faɗi wannan. Ya kamata kuma ya ambaci cewa aikin casa yana yawa ne bayan girbi, yana ja baya da damina, alhali lada da bashi kowane wata ake biyansu.

Kafin a raba takardar, a tara lambobin da ke cikinta a ga sun yi daidai da jimlar da ke cikin kasafin. Sau da yawa ma'aji kan gyara lamba a kasafi ya manta da ita a takardar rakiya, sai a ɓata rabin zama ana neman wacce ce gaskiya. A kuma aika ta da wuri, kamar mako guda ko biyu kafin zama, don wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba ya sami mai karanta masa a gida.

Aikin aji

1. Tara kuɗaɗe biyar na kashewa. Sun yi daidai da abin da ma'aji ya faɗa?
2. Idan mambobi 110 suka biya, kuɗin casa kuma ya tsaya a N1,500, nawa giɓin zai zama?
3. Rubuta layin da ma'aji ya kamata ya ƙara game da raguwar buhuna, ka karanta wa ajin.