Babi na Tara: Wasiƙar Neman Biyan Rance Kafin Wa'adi

Wanda ya karɓi rance daga ƙaramin banki, sannan kuɗi suka shigo masa kafin wa'adi ya cika, yakan so ya sauke nauyin gaba ɗaya. Amma kada ya ɗauki kuɗin ya zuba a asusu kai tsaye. Idan ya yi haka ba tare da wasiƙa ba, banki zai iya ɗaukar kuɗin a matsayin biyan watanni masu zuwa, ya ci gaba da cirewa wata-wata da cikakken kuɗin ruwa. A fara rubutawa, a karɓi sabon lissafi a takarda, sannan a biya.

Ga misali. Wata mai sayar da man gyaɗa a kasuwar Muda Lawal da ke Bauchi ta karɓi naira 120,000 na wata 6, da kuɗin ruwa kashi 4 cikin ɗari a kowane wata. Bankin yana lissafa ruwan a kan uwar kuɗin da ta karɓa tun farko, ba a kan abin da ya rage ba, don haka ruwan kowane wata naira 4,800 ne, ba ya sauka. Tana biyan naira 24,800 duk wata: 20,000 uwar kuɗi, 4,800 ruwa. Bayan ta biya wata 3, saura uwar kuɗi naira 60,000, da kuma ruwan watanni 3 da ba su zo ba tukuna, wato naira 14,400. A littafin banki ana bin ta naira 74,400, alhali kuɗin da ke hannunta na banki 60,000 ne kawai. Wannan 14,400 ita ce dalilin wasiƙar.

Kafin a ɗauki alƙalami, a buɗe takardar yarjejeniyar rance, a nemo inda aka yi maganar biya kafin lokaci. Wani banki yakan yafe ruwan watannin da suka rage, wani yakan yafe wani ɓangare, wani kuma yakan ɗora tara. Idan yarjejeniyar ta ba da damar ragi, a ambaci wannan sashe a wasiƙa. Idan ta yi shiru, to roƙo ake yi, kuma harshen wasiƙar ya nuna haka.

Zuwa ga Manaja,
(sunan banki da reshe), Bauchi.

Ranka ya daɗe,

NEMAN BIYAN RANCE KAFIN WA'ADI DA SAKE LISSAFIN KUƊIN RUWA

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ce (suna), mai asusu mai lamba (lambar asusu). Na karɓi rancen naira 120,000 na wata 6, kuma na biya wata 3 ba tare da jinkiri ba, jimlar naira 74,400. A lissafina, uwar kuɗin da ta rage naira 60,000 ce, kuma a shirye nake in biya ta gaba ɗaya ranar 30 ga wannan wata.

Ina roƙon a sake lissafa kuɗin ruwa ya tsaya a wannan rana, a cire na watannin da ba zan riƙe kuɗin ba. Ina kuma roƙon a ba ni amsa a rubuce, a nuna uwar kuɗi daban, ruwa daban, da tara idan akwai, tare da ranar da wannan lissafi zai daina aiki.

Na gode.
(sa hannu, suna, lambar waya, kwanan wata)

A yi kwafi biyu, a miƙa ɗaya, a sa ma'aikacin da ya karɓa ya buga hatimi da kwanan wata a kan ɗayan, a dawo da shi gida. Idan reshen ya ce sai da Turanci, a nemi wanda zai juya ta, amma mai wasiƙa ya duba alƙaluman da idonsa, domin sifiri ɗaya yakan ɓata magana.

Da amsa ta zo, a gwada ta da lissafin gida. A ce banki ya yafe ruwan amma ya sa tarar naira 3,000, za ta biya 63,000, ta tsira da 11,400. Idan kuwa aka rubuta 74,400, ba a rage komai ba, kuma a ganina gara ta juya kuɗinta a sana'a ta ci gaba da biya wata-wata. Maganar baki daga jami'in rance, komai daɗinta, ba amsa ba ce.

Ranar biya a karɓi rasit da takardar shaidar cewa ba a bin bashi, a karɓo kayan jingina, a tambayi ajiyar dole idan an ciri wani abu lokacin ba da rance, sannan a sanar da wanda ya tsaya wa mutum. Idan aka ɗora cajin da babu shi a yarjejeniya, a fara kai ƙorafi bankin a rubuce. In ba a gyara ba, akwai sashen kare haƙƙin abokan hulɗa a Babban Bankin Najeriya.

Aikin aji: Wani ya karɓi naira 90,000 na wata 6 da ruwa kashi 5 cikin ɗari a wata, irin lissafin da ke sama, ya biya wata 4. Ku fitar da uwar kuɗin da ta rage da ruwan da zai nemi a cire, sannan ku rubuta masa wasiƙa.