Kurakuran da aka fi yi da manyan kalmomi a insha'in fasaha, lafiya da muhalli

Na daɗe ina duba rubutun ɗalibai, kuma abin da ya fi damuna ba rashin kalmomi bane, kalmomin suna da su, matsalar ita ce ana ɗora kalma inda ba ta zauna ba don kawai tana da nauyi a kunne. Ga wata jimla da irinta ke yawan zuwa gabana: “Bugu da ƙari, haka zalika, fasahar zamani na taka muhimmiyar rawa wajen haddasa gagarumin tasiri ga lafiyar al'umma.” Karanta ta sau biyu ka tambayi kanka, wace fasaha, wane tasiri, mai kyau ko mara kyau? Ba amsa. Gashi an jera “bugu da ƙari” da “haka zalika” alhali aikinsu ɗaya ne, guda ɗaya ta isa, ita ma sai in da gaske ƙari kake yi kan maganar baya.

Da na zauna da mai jimlar na ce masa, ɗalibi, faɗa min da baki me kake nufi, sai ya ce matasa na danna waya har tsakar dare basa samun barci. To ai wannan ita ce maganar! Muka mayar da ita haka: “Yawan kallon waya daf da kwanciya yana da alaƙa da jinkirin barci a tsakanin matasa, kuma ɗaya daga cikin dalilan da ake bayarwa shi ne hasken fuskar waya na iya rage sinadarin melatonin da ke shirya jiki ya yi barci.” Kalmar ilimi guda ce a ciki, kuma an yi mata bayani nan take.

Lura da “alaƙa da” da muka sa a madadin “haddasa”, don nan ne aka fi faɗawa rami. In ka ce abu ya haddasa wani abu, ka yi iƙirarin cewa shi ne sanadi kuma an tabbatar. Shan taba na haddasa kansar huhu, wannan faɗe shi kai tsaye, hujja ta wadata. Amma in abu biyu tare kawai ake ganinsu, kamar waya da rashin barci, to akwai yiwuwar rashin barcin ne ma ya sa mutum ɗaukar wayar, don haka “yana da alaƙa da” ko “yana iya taimakawa wajen” ita ce gaskiyar magana. Hanyar ganewa mai sauƙi ce, juya jimlar baya, in har juyin ma yana iya zama gaskiya to sauke haddasa.

Haka “kawar da” take. Kullum sai ka ga an rubuta an kawar da cuta kaza. Cutar ɗan adam da aka kawar daga duniya baki ɗaya ita ce agana, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana hakan a 1980. Sauran dai sai ka ce an daƙile yaɗuwarta, an shawo kanta, ko an rage yawan masu kamuwa, ko an kawar da ita daga ƙasa kaza in haka ne. Rigakafi ma ba magani bane, shi kafin kamuwa ake yi. Sannan “ƙwayar cuta” ta haɗa bakteriya da bairos, in insha'inka kan antibayotik ne dole ka bambanta, domin bakteriya yake kashewa, baya taɓa bairos ɗin mura.

A muhalli kuwa ɗumamar duniya da sauyin yanayi ake cakuɗawa. Ɗumamar duniya hauhawar matsakaicin zafi ne, sauyin yanayi ya fi faɗi, ya haɗa da canjin ruwan sama da fari da ambaliya da tashin ruwan teku. Zafin rana ɗaya kuma ba sauyin yanayi bane, ana auna shi da shekaru kamar 30. Maimakon “gurɓataccen iska ya yi matuƙar ƙaruwa”, wanda mai karatu zai ɗauka ƙura ko hayaƙin da ake shaƙa kake nufi, rubuta cewa iskar kabon dayoksaid ta tashi daga kusan kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420 yanzu. Adadin ya yi aikin da “matuƙar” ta kasa yi. In kuma ka kawo yarjejeniyar Paris ta 2015, kar ka ce ta hana ɗumama, abin da ta sa gaba shi ne a tsayar da ƙarin zafin duniya ya kasance ƙasa sosai da digiri 2, a kuma yi ƙoƙarin kada ya wuce 1.5.