Darasi na Shida: Rabon Gida da Gona Tsakanin Magada

Kuɗi ba su da wuyar rabo, a ƙirga a miƙa wa kowa nasa. Gida da gona kuwa ba a yayyanka su kamar nama, shi ya sa yawancin rigimar gado a kansu take tashi. A wannan darasi za mu bi misali guda ɗaya tun daga farko har ƙarshe.

Wani manomi ne a Kumo, cikin Jihar Gombe, Allah ya yi masa rasuwa. Ya bar mata biyu, 'ya'ya maza biyu, 'ya'ya mata uku. Iyayensa sun riga shi rasuwa, amma ƙaninsa yana da rai. Ya bar gidan da suke ciki, da gona, da fuloti ɗaya a bakin gari.

Kafin a raba

Tambayar farko ita ce, mene ne nasa? Ba duk gonar da mutum yake nomawa ba ce tasa. Gonar aro ta koma wa mai ita. Gonar da aka ba shi jingina, kuɗinsa ne gado, ba gonar ba. In kuma wani ɗa ya ce, "Baba ya ba ni fulotin nan tun yana raye," sai a tambaye shi shaidu, a kuma duba ko ya karɓa ya riƙe tun mahaifin yana da lafiya. A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalanmu suke bi, kyautar da ba a karɓa ba har mai kyautar ya rasu ta ɓaci, ta koma cikin gado.

Daga nan a fitar da kuɗin likkafani da binnewa, sai bashi, sai wasiyya. Wasiyya ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku, kuma ba a yi wa magaji ita, sai in sauran magada sun yarda. Haka nan in akwai mai ciki cikin matan, a dakata da rabo har ta haihu.

Manomin namu bai bar wasiyya ba, amma ana bin sa bashin Naira miliyan 1. Sai aka sayar da fuloti miliyan 3, aka biya bashi, miliyan 2 suka rage.

A yi wa kowane abu kuɗi

Nan ne gaɓar da mutane suka fi tsallakewa. A kira mutane amintattu, biyu ko uku, waɗanda suka san farashin gidaje da gonaki a wannan wuri, kuma ba su da rabo a ciki. Su yi kima da farashin yau, ba na shekarar da marigayi ya saya ba. A ce sun yi wa gida miliyan 9, gona miliyan 5. In aka haɗa da miliyan 2 na hannu, dukiyar ta zama miliyan 16.

Rabon kowa

Aya ta 12 a Suratun Nisa'i ta ba mace sumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, idan mijinta ya bar ɗa ko 'ya. In bai bar ko ɗaya ba, rubu'i ne, ɗaya cikin huɗu. A lura da kyau, sumuni ɗaya ne matan suke rabawa, ko su biyu ne ko su huɗu. Kuma daidai suke rabawa. Uwargida ba ta fi amarya ba, mai 'ya'ya ba ta fi marar 'ya'ya ba.

Saboda haka mu kasa dukiyar kashi 8. Kowane kashi miliyan 2 ke nan. Kashi ɗaya na mata ne, kowacce ta sami miliyan 1.

Saura kashi 7, na 'ya'ya. Aya ta 11 ta ce namiji yana da rabon mata biyu. Maza biyu sun ɗauki kashi 4, mata uku sun ɗauki kashi 3. Kowane ɗa namiji miliyan 4, kowace 'ya miliyan 2. Ku haɗa ku gani: 2 na matan aure, 8 na maza, 6 na 'ya'ya mata, 16 cif.

Ƙanin marigayi fa? Ba shi da komai, domin ɗa namiji yana kare 'yan'uwan mamaci. Ko da shi ne babban gida yanzu, ko shi ya zaunar da mutane aka yi rabon, wannan bai sa ya zama magaji ba.

Wa zai ɗauki gida, wa zai ɗauki gona?

Lissafi ya ƙare, amma har yanzu ba wanda ya san inda nasa yake. Kafin a raba, kowane magaji yana da haƙƙi a cikin gidan da cikin gonar duka. Maganar da ake yi cewa mace ba ta gadon gona, a ba ta tufafi da kwanuka, al'ada ce kawai, ba ta da tushe a shari'a.

Hanya mafi sauƙi ita ce yarjejeniya. Matan aure su ɗauki kuɗin hannu, miliyan 1 kowacce. Maza biyu su ɗauki gida. To amma gida miliyan 9 ne, haƙƙinsu kuwa 8, don haka akwai cikon miliyan 1 a kansu, kowanne Naira 500,000. 'Ya'ya mata su ɗauki gona ta miliyan 5, su karɓi cikon, nasu ya cika 6. Wannan ba ya yiwuwa sai kowa ya yarda da bakinsa. A tambayi kowace 'ya ita kaɗai, ba a gaban yayyenta ba, don sau da yawa shirun mace a taron maza kunya ce, ba yarda ba. Ƙaramin yaro kuwa, waliyyinsa ba shi da ikon yafe masa haƙƙi. Kuma ko gida ya faɗa hannun wa, ba a fitar da mata daga ɗakunansu sai sun gama takaba, wata huɗu da kwana goma.

In 'ya'ya matan suna son kowacce ta san tata gonar, kada a ɗauko igiya a auna tsawo daidai a ce an gama. Gefen fadama ya fi gefen tudu daraja, bakin hanya ya fi ƙurya, ga kuma itatuwan ɗorawa da mangwaro. A yanka gonar kashi uku masu kima ɗaya, ko da wani ya fi wani faɗi, a bar wa na ƙurya hanyar shiga, sannan a jefa ƙuri'a. Ƙuri'a tana yiwuwa ne a abu iri ɗaya kawai, gona da gona. Ba a jefa ta tsakanin gida da gona, kuma ba a haɗa ta da cikon kuɗi.

Idan yarjejeniya ta gagara, sai gaban alƙali. Abin da zai rabu ba tare da ya lalace ba, a raba shi. Wanda ba zai rabu ba, kamar gida mai ɗaki biyu tsakanin mutum bakwai, in ɗaya ya nemi a sayar, za a sayar a raba kuɗin.

Ranar da aka gama, a kafa alamar iyaka a gaban maƙwabtan gona da mai unguwa, a rubuta takarda, kowane magaji ya sa hannu ko ya dangwala, ya riƙe tasa. Kada a ce a bari sai baɗi. In magaji ɗaya ya rasu kafin rabo, nasa kason ya koma ga nasa magadan, lissafi ɗaya ya zama biyu.

Aikin gida

A ce mahaifiyar manomin nan tana raye. Rabonta sudusi ne, ɗaya cikin shida, tun da ɗanta ya bar 'ya'ya. Yanzu kashi 8 ba zai yi ba, sai a kasa dukiyar kashi 24. Kashi nawa ne na uwa? Nawa ne na matan aure? Nawa ya rage wa 'ya'ya?