Kurakuran da aka fi yi wajen daidaita firob da gwada bandwit na osiloskop

Sau da yawa idan osiloskop ya ba da awo na ƙarya, laifin na firob ne, kuma ɗan sukurun nan da ke jikinsa ne ba a taɓa ba.

Firob mai 10X yana da rezista na 9 MΩ a cikinsa, ƙofar osiloskop kuma 1 MΩ ce, shi ya sa sigina ke raguwa zuwa kashi ɗaya cikin goma. Wannan lissafi yana aiki ne idan sigina na tafiya a hankali. Da firikwensi ya haura 'yan kilohaz, kafasitoci ne ke raba boltej: ƙaramar da ke bakin firob a gefe guda, ta waya da ta ƙofar na'ura a ɗaya gefen. A ce na gefen na'ura sun haɗu sun kai 108 pF, to ta baki dole ta zama 12 pF kafin rabon ya tsaya daidai. Ka ɗauki firob ɗin nan ka soka a wata na'ura inda jimillar ta zama 120 pF, rabo ya koma ɗaya cikin sha ɗaya. Siginar 5 V sai ta fito 4.55 V. Idan mai lanƙwasa ce irin ta sayin, siffarta ba za ta canza ba, don haka babu abin da zai ankarar da kai.

Gyaran ba ya cin minti ɗaya. Maƙala firob a ɗan ƙarfen da ke gaban na'ura, wanda galibi aka rubuta wa Probe Comp, a nan sigina mai kusurwa huɗu ta 1 kHz ke fita. Maƙala wayar ƙasa a ƙarfen da ke kusa da shi. Dubi kusurwar sama: idan ta zagaye tana hawa sannu, daidaitawar ta gaza, idan ta yi tsini sama sannan ta sauko, ta wuce gona da iri. Juya sukurun da abin juyawa na roba har saman ya kwanta sumul. Sukundireban ƙarfe yana ƙara tasa kafasitans, sai ka ga layi ya gyaru, kana cire hannu ya koma. Ƙara girman hoton ya cika allo, don a ƙaramin hoto komai daidai yake. Duk sanda firob ya sauya na'ura ko ƙofa, a sake dubawa.

Wasu kuma su yi ta juya sukuru ba canji. Maɓallin firob ɗin yana kan 1X ne. A can sukurun ba shi da aiki, kuma bandwit ɗin firob, wato iyakar firikwensin da yake iya ɗauka, yakan faɗo ƙasa da 10 MHz. Bayan ka mayar da shi 10X, faɗa wa na'urar a menu, in ba haka ba lambobin allo za su ragu sau goma.

Gwajin bandwit kuwa, a fara shi ba tare da firob ba. Haɗa janaretan sigina da osiloskop da wayar BNC mai 50 Ω, ka sa taminato na 50 Ω, wato rezistan da ake rufe ƙarshen waya da shi, a bakin osiloskop, ba a bakin janareta ba. Wannan shi ne aka fi mantawa. Idan babu shi, sigina tana dawowa baya cikin waya, tsayinta ya riƙa hawa da sauka yayin da kake ƙara firikwensi, kuma janaretan da aka saita wa lodin 50 Ω zai ba da ninki biyu na abin da ya rubuta.

Ɗauki na'ura mai 50 MHz. Zaɓi siginar sayin a 50 kHz, sa 200 mV a kowane gida na allo, ka gyara janareta har sigina ta cika gida shida, wato 1.2 V daga sama zuwa ƙasa. Daga nan kada ka ƙara taɓa ƙarfin janareta. Riƙa ɗaga firikwensi kana rage lokacin allo, har tsayin ya sauko gida 4.2, kimanin 0.85 V. Wannan shi ne kashi 70.7 cikin ɗari, wato -3 dB, kuma firikwensin da kake kai shi ne bandwit. Masu jiran sigina ta faɗo rabi sun riga sun wuce wurin, suna -6 dB.

Idan ta faɗo tun wajen 20 MHz, kafin ka zargi mai shago duba ko BW Limit, wato saitin na'ura da ke taƙaita bandwit, a kunne yake. Sannan janaretan kansa abin tuhuma ne: masu araha da yawa ƙarfinsu yana raguwa kusa da iyakarsu, sai ka auna raunin janareta ka ɗora wa osiloskop. Ni dai ba na yarda da awon da aka yi a ƙarshen zangon janareta sai an fara ganin siginarsa a na'urar da ta fi wannan sauri nesa ba kusa ba.

In za ka maimaita da firob, cire taminato daga bakin osiloskop ka bar shi a ƙarshen wayar janareta, ka haɗa bakin firob da shi ta adaftar BNC. Doguwar wayar ƙasa mai bakin kada tana haɗuwa da kafasitans ɗin firob su yi amo a wajen 100 MHz, sai sigina ta kumbura maimakon ta faɗo, ka sami bandwit da ya fi na gaskiya.