Yadda ake gane ko fawa bank ya lalace ne, ko tun asali na bogi ne

A watan Afrilu ƙanena ya taso daga Jega zuwa Birnin Kebbi da fawa bank a aljihu, ransa a ɓace. Ya ce, "Yaya, dubu ashirin aka rubuta a jikinsa, amma ko sau ɗaya ba ya cika mini waya." Batirin wayarsa 5000mAh ne, don haka a lissafinsa ya kamata ya samu caji huɗu. Yadda muka bi muka gano gaskiyar abin shi zan zayyana a nan, domin kowa zai iya yinsa a gida ba tare da ya buɗe na'urar ba.

Da farko a gyara lissafin, don mutane da yawa suna zargin fawa bank mai lafiya. Lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe, kamar 20000mAh, ƙarfin batiran ciki ce, su kuma a kan 3.7V suke aiki. Idan ka ninka 20000 da 3.7 ka raba da 1000, za ka samu 74Wh, kuma wannan ita ce ainihin wutar da ke ciki. Kafin ta fita ta kebul sai an ɗaga ta zuwa 5V, a nan wani kaso ya tafi a zafi. Idan ta shiga waya a sake sauke ta, wani kason ya sake tafiya. Abin da ke isa batirin waya bai cika wuce kashi 70 cikin ɗari ba, wato wajen 52Wh. Batirin waya mai 5000mAh yana ɗaukar kusan 19Wh. Ka ga fawa bank na gaskiya mai dubu ashirin zai cika irin wannan waya sau biyu da rabi zuwa uku, mai dubu goma kuwa sau ɗaya da ɗan ƙari. Juya bayansa ka duba ƙananan rubutu. Kamfanoni masu gaskiya sukan rubuta Rated capacity, wanda a mai dubu ashirin yakan kama wajen 12000mAh zuwa 13000mAh. Wannan ita ce lambar da ya kamata ka riƙe.

Idan kuma ba ya caja wayar gaba ɗaya, fara da kebul, don shi ya fi yawan laifi. Gwada wani wanda ka tabbatar yana aiki, gajere mai kauri, ka kuma gwada wata wayar. Sannan ka tabbatar ramin da ka soka na fitar da wuta ne. Wanda aka rubuta IN ko Input na shigar da caji ne kawai, kuma a wasu tsofaffin fawa bank har ramin USB-C ma shiga kawai yake yi. Haska tocila cikin ramukan. Ƙurar hunturu da zaren aljihu sukan dunƙule a ciki su hana kan kebul zama daidai. A cire su a hankali da tsinken sakace, kada a sa allura ko wani ƙarfe.

Wani lokaci kebul mai matsala yana haɗa wuta, sai fawa bank ya kulle kansa don kariya, ka danna maɓalli shiru. Yawancinsu suna farfaɗowa idan aka jona su a cajar bango na ɗan lokaci. Wanda ya yi watanni a ajiye babu caji, ba shi kamar rabin awa kafin ka yanke hukunci. Akwai kuma wanda zai fara caja ƙaramar waya ko abin sauraro na kunne, bayan daƙiƙa kaɗan ya ɗauke. Wannan ba lalacewa ba ce, wutar da abin ke ja ce ta yi kaɗan har ya ɗauka babu komai a jone. Wasu suna da yanayin ƙaramar wuta da ake kunnawa da danna maɓalli sau biyu ko riƙe shi, sai a duba takardarsa.

Na ƙanena yana caji, ƙarewa ce yake yi da wuri, sai muka koma gwajin da na fi yarda da shi, wato auna lokacin da yake ɗauka kafin ya cika. Muka yi amfani da shi har ya mutu murus. Muka samu kan caja da aka rubuta 5V 2A a jikinsa, wanda ba zai iya ba da fiye da wat 10 ba, muka jona a gidan da ke da sola don kada ɗaukewar wuta ta ɓata mana lissafi. Wat 10 na tsawon awa ɗaya shi ne 10Wh. Don a cika 74Wh da irin wannan caja ana buƙatar awa takwas zuwa tara. Nasa ya nuna fitila huɗu ya tsaya cikin awa biyu da rabi. Ko da cajar ta ba da iya ƙarfinta, 25Wh kawai ya shiga, abin da ya zauna a ciki kuma wajen 21Wh ne, wato bai kai 6000mAh ba. A lura, wannan gwaji da caja mai wat 10 ake yinsa. Caja mai sauri za ta cika na gaskiya ma da wuri.

Sai muka tabbatar ta ɗaya ɓangaren. Muka kashe data, muka ajiye wayar ba a taɓa ta, ta tashi daga kashi 10 zuwa 85, fawa bank ya mutu. Kashi 75 na 19Wh wajen 14Wh ne, wanda ya yi daidai da abin da 21Wh zai iya isarwa. Gwaji biyu sun ba da amsa ɗaya. Muka ɗora shi a ƙaramin sikeli, giram 210. Na gaskiya mai dubu ashirin yakan kai giram 350 zuwa 450. Rashin nauyi hujja ce, amma nauyi shi kaɗai ba hujja ba ne, don akwai na bogi da ake cusa wa yashi a cikin kwankon batir.

Saura tambaya ɗaya: haka ya zo, ko tsufa ya yi? Nasa mako uku da saye, saboda haka tun asali ƙarya aka rubuta, na ce ya mayar wa mai shagon da waɗannan lambobi a hannu. Da a ce ya shekara biyu yana aiki kullum, da sai in ce gajiya ce, domin batirin litiyam yakan ragu zuwa wajen kashi 80 bayan caji 300 zuwa 500. Zafinmu na bazara, da ke haura digiri 40, yana gaggauta wannan. Barinsa a gaban mota, ko cikin akwatin babur, ko shanya mai ɗan faifan sola a rana tsaka, duk cin ransa suke yi, ga shi faifan nan ƙarami sai ya yi kwanaki bai cika shi ba.

Masu kai caji shago su ma su kula. Idan an kashe janareta bayan awa uku, babban fawa bank da aka jona a caja mai wat 10 bai ma kai rabi ba, ko da fitila uku sun kama. Kafin ka ce ba ya riƙe caji, ka tabbatar ya taɓa cika.

Wanda ya kumbura, ko bakinsa ya fara buɗewa, ko yake zafin da hannu ba zai jure ba, ko yake wari, kada a yi masa ko ɗaya daga cikin gwaje-gwajen nan. A daina jona shi, kada a danne kumburin ko a huda, kada a jefa shi a bolar da ake ƙonawa. A ajiye shi a inuwa kan siminti ko cikin yashi, nesa da katifa da fetur da yara, sannan a kai wa mai gyaran waya da ke karɓar matattun batira.